An amince da farashi, an biya kafin alƙalami, sai aka ga jimillar ba daidai ba

Mai Kayan Ofis:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka daɗe a harka. Wani kamfani ya nemi in ba shi farashin kayan ofis, na aika masa takardar ƙiyasi mai layi huɗu: kujeru 40 a kan 1,500 kowace, wato 60,000, tebura 10 a kan 4,000, wato 40,000, kabad 6 a kan 5,000, wato 30,000, sai kuɗin dako da harhaɗa kaya, 12,000. Jimillar da ta dace ita ce 142,000, amma abin da aka rubuta a ƙasan takardar 130,000 ne. Dalili shi ne layin dako daga baya aka ƙara shi, lissafin da ke cikin jadawalin kuma bai faɗaɗa ya haɗa da shi ba, ya tsaya a nan:

```
=SUM(F5:F7)
```

alhali kuɗin dakon yana F8. Sun amince a rubuce, na fitar musu da takardar neman biya mai lamba 0147 da wannan jimillar, sun biya rabi, wato 65,000, a matsayin kafin alƙalami. Ban kai kayan ba tukuna. Ribar da na ƙiyasta a aikin gaba ɗaya 21,000 ce, saboda haka wannan giɓi zai cinye fiye da rabinta. Wannan ne cinikinmu na farko da su, kuma akwai alamar wasu ayyukan a gaba. Ta yaya zan gyara ba tare da sun ɗauke ni marar tsari ko mai ƙarin kuɗi ta bayan fage ba?

Sabon Shiga:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Ni a ganina kada ki saki ko kujera ɗaya sai sun cika miki kuɗinki, domin da zarar kaya sun shiga hannun mai saye, ke ce za ki koma kina bin sa kina roƙo. Ki gaya musu babu cikon 12,000, babu kaya.

Tsohon Akawu:
Ɗana, ka sake karanta bayanin Hajiya. Mutanen nan ba su ƙi biyan komai ba, ba su ma san akwai matsala ba. Abin da aka rubuta musu shi suka amince da shi, kuma rabinsa suka biya a kan lokaci. Riƙe musu kaya a wannan matsayi zai mayar da ita wadda ta karya alkawari.

Hajiya, abu biyu ne a gabanki, kuma mafi yawan masu shiga wannan hali suna cakuɗa su. Na farko gyaran takarda, wanda wajibi ne a kanki ko za ki karɓi ƙarin kuɗi ko ba za ki karɓa ba. Na biyu neman cikon kuɗin, wanda a matakin da kike roƙo ne, ba umarni ba. Da a ce ba su riga sun amince ba, da abin mai sauƙi ne: ki janye ƙiyasin farko, ki aika na biyu mai sabon kwanan wata, ki rubuta a samansa cewa ya maye gurbin na baya. Amma ciniki ya riga ya faɗa, kuɗi sun shiga. Kafin in ci gaba ina da tambaya ɗaya: a jikin 0147, layin dakon ya fito da 12,000 ɗinsa, ko babu shi gaba ɗaya?

Mai Kayan Ofis:
Ya fito, Baba. Daga jadawali ɗaya aka ciro takardun biyu, saboda haka layukan huɗu suna nan da kuɗinsu, jimillar ce kawai ta tsallake na ƙarshe.

Ɗan Kwangila:
To ai Hajiya kina da hujja a hannunki. Duk wanda ya ɗauki kalkuleta zai ga 142,000. Ni shi ya sa nake sa `E&OE` a ƙasan kowace takarda da ta fita daga ofishina, wanda ke nuna cewa ina da damar gyara kuskure ko abin da aka manta. Idan kina da shi a taki, ki buɗe 0147 ki gyara jimillar, ki sake tura musu da ɗan gajeren bayani, magana ta ƙare. Ba sai an yi ta dogon ban haƙuri ba, domin yawan ban haƙuri shi ke sa mai saye ya ga kamar akwai wani abu a ƙasa.

Tsohon Akawu:
Alhaji ya yi gaskiya a wuri biyu. Kuskuren da yake a fili a jikin takarda ya fi sauƙin karewa nesa ba kusa ba, domin mai saye yana iya tabbatar da shi da kansa ba sai ya dogara da maganarki ba. Da a ce farashin kujerar kika sa ƙasa da yadda ya kamata, 1,500 maimakon 1,800, da na ce ki haƙura ki shanye, saboda babu yadda za a yi ya bambanta kuskure da sauya ra'ayi. Haka kuma gaskiya ne cewa ban haƙuri sau ɗaya ya wadatar.

Inda na rabu da shi shi ne a kan waɗancan haruffa da kuma gyara 0147 a inda take. Haruffan sanarwa ce cewa ana iya samun kuskure. Ba sa soke amincewar da aka riga aka yi, ba sa kuma tilasta wa wanda ya saya a kan jimillar da ya gani ya biya wata dabam. Ƙarfin da kuskuren lissafi yake da shi a gaban shari'a ya danganta da dokar wurin da kuma abin da aka rubuta a yarjejeniya, kuma wanda yake son ciniki na biyu ba ta wannan ƙofar yake shiga ba.

Gyara takardar a inda take kuwa shi ne abin da na fi hana mutane. Takardar neman biya da ta fita ta riga ta shiga littafin mai saye da lambarta da jimillarta, an kuma liƙa mata biyan 65,000. Idan wata 0147 ta iso da 142,000, an sami takardu biyu masu lamba ɗaya da kuɗi biyu. Akawunsu zai ɗauka an turo sau biyu ne ya ajiye ta gefe, ko kuma mai binciken asusu ya tarar da su bayan watanni ya fara tambayar wacce ce ta gaskiya, ke ma a littafinki babu abin da zai nuna me ya faru.

Dalilin tambayar da na yi shi ne, da layin dakon bai fito ba ko kaɗan, da sai ki bar 0147 yadda take, ki fitar da wata ƙaramar takarda mai sabuwar lamba ta 12,000 kawai. Amma tun da ya fito, ƙaramar takardar za ta yi kama da an caji dako sau biyu. Saboda haka sai a soke a sake. Ki fitar da takardar sokewa, wadda a manhajojin lissafi za ki gan ta da sunan `Credit Note`, ta 130,000 cif, ki ambaci 0147 a jikinta da dalilin sokewa. Sannan ki fitar da sabuwar takardar neman biya da lambar da ke biye a jerinki, jimilla 142,000, a ƙasa ki nuna an karɓi 65,000 da ranar da aka karɓa, saura 77,000. Kada ki goge 0147 daga kundinki. Ta zauna a soke, jerin lambobi ya ci gaba babu giɓi. Na bar haraji a gefe domin lissafin ya yi sauƙi, amma idan takardarki tana ɗauke da harajin kayayyaki, shi ma a kan jimillar da ta gaza aka lissafa shi, sai a soke shi tare a sake lissafa shi a sabuwar.

Jami'in Saye:
Ni a ɓangaren masu saye nake aiki, bari in faɗi yadda abin yake daga wancan gefen teburin. Hajiya, kina tunanin kamfani, amma wanda abin zai fara taɓawa mutum ɗaya ne, shi ne wanda ya karɓi ƙiyasinki. Ya ɗauki 130,000 ya kai wa na sama da shi, aka sa hannu, aka fitar da takardar oda a kan wannan adadin. Sashen biya ba ya duba ko kina da gaskiya. Yana gwada takardarki da takardar oda da shaidar karɓar kaya, idan ba su dace ba ya mayar. Saboda haka ko da mutuminki ya amince da baki, 142,000 ba za ta wuce ba sai an gyara odar, gyaran kuma yana nufin ya koma gaban shugabansa ya bayyana cewa shi ma bai tara layukan ba kafin ya kawo. Wannan kunyar ita ce ainihin abin da kike neman ya ɗauka, ba kuɗin kaɗai ba.

Akwai kuma abin da ba kowa ke tunawa da shi ba. Idan sun karɓi farashi daga mutum uku suka zaɓe ki domin kin fi sauƙi, mai yiwuwa na biyu yana tsakanin 130,000 da 142,000. In haka ne, gyaranki ya sauya wanda ya kamata a ba aikin, kuma babu jami'in da zai iya sa hannu a kan hakan cikin natsuwa. Ba za ki san wannan ba sai kin yi magana da shi, shi ya sa nake ganin waya ta riga takarda. Kada ya fara ganin sabuwar jimilla a saƙo, ballantana a ce sashen biya ne ya riga shi gani.

Wani dalili na kiran waya shi ne, 'yan damfara sun saba aiko da takardar neman biya da sunan gyara, su sauya lambar asusun banki a ciki. Ofisoshi da yawa suna ɗari-ɗari da duk takardar da ta zo tana cewa ta maye gurbin wata. Ki kira ta lambar da suka san ki da ita, ki aika daga adireshin da kika saba, kuma kada ki sauya asusu ko wani sharaɗi a cikin wannan gyaran.

Uwar Biyu:
Sannunku da ƙoƙari. Ni nawa akasin wannan ne, amma ina ganin ya shafi maganar. Na taɓa yi wa wata makaranta ɗinkin kayan ɗalibai, aka rubuta guda 120 a takarda alhali 102 aka ɗinka aka kai, suka biya duka ba su lura ba. Da muka gano wajen rufe lissafin wata, yarona ya ce mu riƙe rarar mu cire a aiki na gaba, tun da kullum suna kawo aiki. Na ƙi, na kira su a ranar, na ba su zaɓi tsakanin a mayar musu da kuɗin guda 18 ko a riƙe musu a rubuce. Suka zaɓi a mayar. Abin da nake son faɗi shi ne, Hajiya, ki tambayi kanki: da kuskuren nan su ya cuta, da yaushe za ki kira? To da wannan saurin ya kamata ki kira yanzu. Ni dai da ni ce, tun da ciniki na farko ne, sai in shanye 12,000 ɗin in yi shiru, kada su ma san an yi.

Tsohon Akawu:
Yadda kika yi da makarantar daidai ne, Hajiya, musamman da kika bar musu zaɓin, domin kuɗinsu ne ba naki ba. Amma shirun da kika ba da shawara a nan ba zai yiwu ba. Shanyewa na iya zama dabara mai kyau, shiru ne ba ya cikinta. Takardar 0147 tana hannunsu, layukanta suna cewa 142,000, ƙasanta yana cewa 130,000. Wata rana wani zai tara, kuma a ranar tambayar za ta zama ko mai kayan ba ta lura ba har yanzu, ko ta lura ta ɓoye. Bayan haka, a oda ta gaba za su ɗauka dako kyauta ne, ko su yi mamakin yadda farashi ya tashi.

Idan ta yanke shawarar yafewa, hanyar ɗaya ce da wadda na faɗa: a soke 0147, a fitar da sabuwa mai 142,000, a sa layin rangwame na 12,000 da bayanin cewa na wannan odar ne kawai, jimilla ta dawo 130,000, saura 65,000. Odarsu ba ta buƙatar gyara, takarda ta daidaita, kuma sun ga abin da aka bar musu. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Ɗan Kwangila:
Na karɓi maganar lamba, Malam, domin na taɓa ganin an riƙe biya a kan irin wannan. Amma ban yarda a fara da maganar yafewa ba. Ribar 21,000 ta koma 9,000, kafin a ce wani tebur ya goge a hanya an sauya shi. Wanda ya fara ciniki da kai da rahusar da bai nema ba, zai sa ran ta a kowane lokaci. Dakon nan aiki ne na gaske, mota za a ɗauka, mutane za a biya, kuma an rubuta shi a takardar da suka karanta suka amince. Ta nemi haƙƙinta cikin ladabi; idan sun ƙi, sannan a yi maganar ragi.

Jami'in Saye:
Alhaji, ba na musun haka, amma yadda aka nema shi ne komai. Wanda ya kira ni ya ce ga sabuwar jimilla, sai in ji an ɗaure ni. Wanda ya ce ga abin da ya faru, ga yadda za ka tabbatar, ga hanyoyin da nake gani, wanne ne zai yi maka sauƙi, sai in ji ana neman mu warware tare. A nan ina ganin hanyoyi uku: su biya 142,000 a gyara oda, ko a raba giɓin, kowa ya ɗauki 6,000, saura ya zama 71,000, ko kuma, idan suna da motarsu da ma'aikatansu, su ɗauki kayan da kansu a cire layin dakon gaba ɗaya, jimilla ta zama 130,000 ta gaskiya. Ta ukun ita ce mafi sauƙi a wajen jami'i irina, domin adadin da aka sa wa hannu bai motsa ba. Abin da ba zan so in ji ba shi ne ɗora laifi a kan yaron ofis ko kwamfuta. Takardar da sunan kamfaninki ta fita, ki ce jimillar ta tsallake layi na huɗu, ki tsaya a nan.

Mai Kayan Ofis:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ga abin da na tsara zan aika bayan na kira shi, ku duba mini:

"Kamar yadda muka yi magana ta waya, jimillar da ke takarda mai lamba 0147 ba ta haɗa da layi na huɗu ba, wato dako da harhaɗawa, 12,000. Idan aka tara layukan huɗu za a sami 142,000, ba 130,000 ba. Kuskuren daga wajenmu yake, muna ba da haƙuri. Farashin kaya, adadinsu, ranar kawowa da asusun biya duk suna nan yadda suke. Za mu soke 0147 mu fitar da sabuwa da zarar kun sanar da mu hanyar da kuka zaɓa."

Tsohon Akawu:
Ya yi kyau, musamman jimlar da ta lissafa abubuwan da ba su sauya ba, domin tambayar da ke zuwa zuciyar mai karatu ke nan. Ki ƙara hanyoyin a rubuce da adadin kowace, saboda shi ma wani zai kai wa, kada ya dogara da abin da ya tuna daga waya. Ki kuma ƙara cewa 65,000 da suka biya za ta koma kan sabuwar takardar.

Kafin ki ɗaga waya, ki zauna da kalkuleta ki bi takardar daga sama har ƙasa, kowane layi adadi sau farashi, sannan suna, kwanan wata, lambar oda. Mai saye yana yafe gyara ɗaya. Gyara na biyu a kan takarda ɗaya shi ke kashe amana. Ki duba ma sauran ƙiyasin da suka fita daga wannan jadawalin, domin idan da shi kike yi wa kowa, mai yiwuwa ba su kaɗai abin ya shafa ba. Kuma ki yanke wa kanki tun yanzu abin da za ki ce idan ya amsa da cewa ba za su ƙara ko kaɗan ba. Ra'ayina shi ne ki kai kayan a ranar da kika yi alkawari a kan 130,000, kada ki haɗa ranar kawowa da cikon kuɗin ko da a cikin zolaya.

Ɗan Kwangila:
A nan ne har yanzu muke da saɓani. Idan ta shiga wayar da niyyar sallamawa, muryarta za ta nuna, shi kuma jami'in saye aikinsa ke nan ya gane.

Mai Kayan Ofis:
Na kira shi ɗazu. Ya buɗe takardar muna kan waya, ya tara, ya ce lallai haka ne. Ya ce ba su da motar ɗaukar kaya, saboda haka hanya ta uku ta fita. Ƙarin da ya kai 12,000 sai an koma wajen shugabansa, amma rabinsa yana cikin abin da shi zai iya amincewa da shi, sai dai ya fi son ya sanar da shugaban tukuna. Ya nemi in turo bayanin a rubuce, na tura. Tambayata yanzu ita ce, in fitar da takardar sokewa yau, ko in jira amsarsu?

Tsohon Akawu:
Ki jira, ki fitar da su tare a rana ɗaya, ta sokewa da sabuwar, kowace da kwanan watan ranar da aka fitar da ita, ba na 0147 ba. Idan kika soke yau babu sabuwa, 65,000 ɗinsu za ta zauna a littafinki ba ta jingina da kowace takarda ba. Iyakar jiran ita ce ranar kai kaya, ko ranar rufe lissafin wata idan ita ta riga zuwa. In ɗaya ta matso babu amsa, ki sake kiran sa ki gaya masa ranar da dole takardun su fita.

Jami'in Saye:
Ki kuma tambaye shi ko wa'adin biyan saura zai ci gaba da ƙirguwa daga ranar tsohuwar takardar ko zai fara daga sabuwar. A wurare da yawa sashen biya daga sabuwar yake farawa, sai ki ga an jinkirta miki cikon kuɗin ba da gangan ba. Idan kun daidaita a kan tsohon wa'adin, ki rubuta ranar biyan ƙarara a jikin sabuwar takardar, ki kuma sa lambar odar da aka gyara, ba ta farkon ba.